Maɓallin Next ya ɓuya a ƙasan allo: yadda za a kai gare shi a ƙaramar laftof

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar laftof mai inci 11.6 da Windows 11. Na zo saka manhajar firintata, amma ƙasan tagar ya yanke, ba na ganin Next ko Cancel, kuma na ja ta sama da linzami ta ƙi wuce bakin allo. Ɗana ne ya ƙara mini girman rubutu kwanaki saboda idona. Ko allon ne ya lalace? Daga wata malamar makaranta a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allonki lafiyarsa ƙalau, kuma ina kyautata zaton ƙarin girman da aka yi miki ne ya jawo wannan, domin lissafin ya yi daidai da abin da kika gani.

Yawancin laftof masu wannan girma suna da allo mai 1366 × 768, wato tsayinsa daga sama zuwa ƙasa ɗigo 768 ne, waɗanda ake kira fiksel. Mu ɗauka wanda ya ƙera manhajar ya yanka wa tagarsa tsayin fiksel 600, kuma bai ba da damar a rage ta ba, kamar yadda aka saba a manhajojin sakawa. Idan ma'aunin girma yana kan 100%, layin ƙasa na Windows 11 mai ɗauke da agogo da Start yana cin fiksel 48, saura 720, taga mai 600 ta zauna har da rarar wuri. Da zarar an ɗaga ma'aunin zuwa 125%, komai zai ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu: tagar ta koma 750, layin ƙasa ya koma 60, filin da ya rage ya zama 708. Fiksel 42 ke nan suka rasa mazauni, kuma a wannan ɗan ƙasan ne ake jera Back da Next da Cancel. Linzami kuwa ba zai cece ki ba, saboda da kan tagar ake jan ta, kuma Windows ba ta barin kan ya ɓace ta saman allo.

Gyaran da na fi so ki fara da shi shi ne mayar da ma'aunin baya na ɗan lokaci. Ki rufe manhajar tukuna. Idan ba ki ga inda za ki danna ba, Esc ko Alt+F4 za su rufe ta. Sannan ki danna Windows+I, ki shiga System, ki shiga Display, ki nemi Scale, ki zaɓi 100%. Sai ki sake buɗe manhajar daga farko. Wannan sake buɗewar tana da muhimmanci, domin tsofaffin manhajoji da yawa suna karanta ma'aunin ne sau ɗaya a lokacin tashi, wanda ya canza shi alhali tagar tana buɗe sai ya ga kamar bai yi aiki ba. Idan har yanzu ba ta daidaita ba, ki fita daga asusunki ta Sign out ki sake shiga. Bayan firinta ta shiga, ki mayar da 125% ɗinki, kada ki wahalar da idonki saboda taga guda.

A ƙasan Scale akwai Display resolution, kuma a nan ne mutane suke yin kuskure. Suna rage shi da tunanin tagar za ta ƙanƙance, alhali rage shi rage yawan fiksel ne, sai abin da ya yanke ya ƙaru. Ki tabbata yana kan wanda aka rubuta Recommended a gefensa. Idan kika ga ya tsaya a 1024 × 768 ko 800 × 600 kuma babu zaɓin da ya fi haka, musamman a na'urar da aka sake wa Windows a shagon gyara, ki duba Display adapters a cikin Device Manager. Ganin Microsoft Basic Display Adapter a wurin yana nufin ba a saka ainihin direban allon ba, wato manhajar da Windows take sarrafa allon da ita, kuma sai an saka shi matsalar za ta daina dawowa.

A lissafinmu na sama tagar 750 ce, allon 768, wato layin ƙasa ne kawai ya danne maɓallan. Don haka ɓoye shi ma yana iya wadatarwa ba tare da an taɓa girman rubutu ba: a Settings ki shiga Personalization, Taskbar, Taskbar behaviors, ki kunna Automatically hide the taskbar.

Sai batun sarrafa taga da madannai, wanda ake buƙata idan waɗancan ba su isa ba. Maɓallin da ya ɓuya yana nan daram, ganinsa ne kawai ba a yi, kuma yana amsa umarni. A yawancin manhajojin sakawa na Turanci kowane maɓalli yana da harafi guda mai layi a ƙasansa, wanda yakan bayyana idan aka danna Alt. Galibi Alt+N shi ne Next, Alt+B shi ne Back, Alt+A amincewa da sharuɗɗa, Alt+I shi ne Install, Alt+F kuma Finish. Ga masu Windows ta Faransanci, kamar 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, haruffan sukan bambanta, tun da Suivant ne a madadin Next. Tab yana matsawa daga abu zuwa na gabansa, Shift+Tab yana komawa baya, Space yana danna wanda aka tsaya a kai ko ya sa alama a akwati, Enter kuma yakan danna babban maɓallin shafin.

Ina roƙonki da ki yi hattara a nan, domin na sha karɓar na'urorin da aka cika da tarkace ta wannan hanya. Wasu manhajojin kyauta suna cusa shafin talla a tsakiyar sakawa, da akwatin da aka riga aka sa wa alama a can ƙasa, wanda ya yi ta danna Enter a makance sai ya wayi gari da wata manhaja da bai nema ba, ko an canza masa shafin farko na burauza. Ƙidaya Tab a makance ma tana iya sauke ki a kan Cancel. Shi ya sa nake fifita Alt da harafi, kuma nake son a leƙa ƙasan kowane shafi kafin a wuce shi.

Hanyar leƙawa ita ce ki danna Alt+Space, ƙaramin jerin zaɓi zai fito, ki zaɓi Move, sannan ki riƙa danna kibiyar sama har ƙasan tagar ya bayyana. Kada ki taɓa linzami a lokacin. Idan kika danna Enter, wani lokaci tagar takan tsaya inda kika kai ta, wani lokaci kuma takan zamo ta dawo ƙasa, amma ko da ta dawo kin riga kin karanta abin da ke wurin, kin san harafin da za ki danna.

Idan taga ta fi allon tsayi ko a 100%, kamar yadda yake faruwa a tsofaffin ƙananan laftof masu 1024 × 600, akwai dabarar juya allo. A shafin Display ki canza Display orientation zuwa Portrait, ki danna Keep changes kafin ƙidayar daƙiƙun ta ƙare, in ba haka ba zai koma yadda yake. A na'urarki tsayin zai zama 1366, faɗin 768. Hoton zai kwanta a gefe, linzami kuma zai riƙa ruɗa ki, don haka ki jingina laftof ɗin a kan gefenta ki gama aikin, sannan ki mayar da Landscape. In kuwa akwai talabijin mai HDMI a gida, ki jona ta, ki danna Windows+P ki zaɓi Second screen only, ki kammala sakawar a babban allo.