Duk sun ci tambayoyin hira, fassara kuma ta kayar da su

Malam barka da yamma. Na haɗa wa 'yan ajin farko na Larabci takardar aiki, jimloli goma su fassara daga Hausa sai 'yar hira da tambayoyi biyar. Hirar kusan kowa ya ci biyar cif, fassarar kuma mai huɗu ma sai an tona. Ni ne ban iya ba ko yaran ne?

Barka kadai ɗana. Na ga hoton takardar da ka turo, kuma wallahi biyar ɗin nan da suka ci ta fi damuna a kan huɗun. Duba hirar taka, Bilalu ya ce "Min aina anti?" Zainabu ta ce "Ana min Zariya", sai kai ka tambaya a ƙasa "Min aina Zainabu?" To yaro ko bai san ma'anar komai ba idonsa zai hango "min aina" a sama, ya sauko layin da ke ƙarƙashi ya kwafe, shikenan. Je ka ɗauko takardun ka ƙirga nawa ne suka rubuta "Ana min Zariya" ka ba su maki. Yaron nan fa cewa ya yi shi ne ɗan Zariya! Amsar ita ce "Hiya min Zariya", kuma wannan juyawar daga ana zuwa hiya ita ce gaba ɗaya abin da ake nema, in babu ita kwafi aka yi.

Gyaran ba wuya. Ka sa tambayar da amsarta a'a ce, kamar "Hal Bilalu min Zariya?" don dole ya ce "La, huwa min Kano", ka ga ya nemo mai maganar, ya juya lamiri, ya gyara garin. Amma ka rubuta a sama cewa cikakkiyar amsa kake so, in ba haka ba "la" kawai zai dangwara maka, kuma tsakanin na'am da la ko canka ya yi rabi zai dace. Sannan kar tambayoyin su bi jerin hirar, ta ɗaya daga layin farko ta biyu daga na biyu, yara sun fi mu gane wannan, ka hargitsa su.

Fassara kuma, jimlarka ta uku ce ta ba ni dariya, "Wannan ƙofa ce." A ganinka ai ba abin da ya kai ta sauƙi. Amma wannan a Hausa ba ruwansa da namiji ko mace, Larabci kuwa sai ka zaɓa, haza ko hazihi. Yaro ya ga "ce" ya san ƙofa mace ce, sai ya rubuta "hazihi babun", alhali bab namiji ne a Larabci, "haza babun" ake cewa. Yaron tunani ya yi fa, Hausarsa ce ta ja shi. Haka kujera, mace a wurinmu, kursiyyun namiji. Allo namiji, sabburatun mace. Ni da farko kalmomin da jinsinsu ya zo ɗaya nake ba su, littafi da kitabun, gida da baitun, mota da sayyaratun, makaranta da madarasatun, sai hannu ya faɗa tukuna in sako ƙofa da kujera, kuma ranar sai na ce musu yau akwai tarko, su duba ƙarshen kalmar Larabcin ko akwai ta marbuɗa, su manta da ne da ce. Irin su shamsun da suke mata ba tare da alamar ba, bar su sai gaba.

Ɗaya matsalar, a jimla ta bakwai ka sa "Gidan babba ne" ta takwas kuma "babban gidan", wato albaitu kabirun da albaitul kabiru, ga alif da lam, ga tanwini, ga sifa, abu uku a numfashi ɗaya. In ya faɗi ba za ka san wanne ya kayar da shi ba. Ni ma a shekarata ta farko haka na yi, na samu "albaitun" a takarda kusan ashirin na yi ta jan biro, ashe ban taɓa gaya musu alif da lam ba ya haɗuwa da tanwini ba. Ka ware wa wannan takardarsa daban, baitun ya koma albaitu, kitabun ya koma alkitabu, sai ya zauna.

Goman nan ka mayar da su shida, kuma duk kalmominsu su fito daga hirar. Ka fara da sunanka da sunanki, ismuka da ismuki, tunda ka da ki ɗin iri ɗaya ne da namu nan take suke kamawa. Wasali kuma ka sa shi cikakke, na ga hotokwafin naka ya cinye kasara a anti har ba a bambance ta da anta, ka ƙara girman rubutun kafin ka kai a buga. Ka sake haɗawa ka turo min kafin Asabar.