Wuyan yarona ya ƙage, ga tabo a jikinsa: in jira safe?

"Assalamu alaikum iyaye mata. Yarona ɗan shekara uku tun jiya yake zazzaɓi da amai. Mai kemis ya ba mu maganin maleriya amma ba sauƙi. Yau in na taɓa wuyansa sai ya fasa ihu, kuma na ga wasu ƙananan tabo masu duhu a cinyarsa. Surukata ta ce ƙyanda ce ke son fitowa, mu bari sai da safe. Don Allah me kuka gani?"

Wa'alaikumus salam. 'Yar uwa, ki goya yaron nan yanzu ki tafi babban asibiti, sashen gaggawa na yara, ki ƙarasa karanta sauran maganata a cikin Keke Napep. Ba kemis ba, ba ƙaramin asibitin unguwa da ke rufewa da magariba ba. Da kin isa ki ce musu kina tsoron sanƙarau ne, ki faɗi kalmar da bakinki, ki nuna musu tabon. Ni ba likita ba ce, uwa ce da ta yi jinyar wannan ciwo, kuma wallahi da na karanta saƙonki sai da gabana ya faɗi.

Nawa yaron yana da shekara huɗu lokacin, a tsakiyar zafin bazara, irin lokacin da ciwon ya fi yawo, tun daga hunturu har ruwan sama ya sauka. Shi ma da zazzaɓi ya fara. Abin da ya bambanta shi da zazzaɓin da na saba gani shi ne jikinsa zafi rau amma tafin hannu da ƙafa sanyi ƙalau, yana ta kukan ƙafarsa na ciwo, in an buɗe labule sai ya cusa fuska a cikin filo don ba ya son haske. Na kai shi wurin mai kemis ɗin layinmu, mutumin da kowa ke ce wa likita alhali ko ƙofar makarantar likitanci bai taɓa takawa ba. Na ce masa wuyan yaron nan ba ya lanƙwasuwa. Ko kallon yaron bai yi da kyau ba, yana ta danna wayarsa, ya ce kwanciya ce ya yi ba daidai ba. Ya yi masa allura, ya ƙulla mana ƙwayoyi a leda, ya ce in bai ji sauƙi ba mu dawo jibi. Jibi fa! Na sake maimaita masa maganar wuyan, sai ya yi dariya ya ce ku mata kun cika tsoro. Har yau in na bi ta gaban shagon nan sai na kau da kai. An ce in yafe, ina ƙoƙari, amma dariyar nan ba ta bar kunnena ba.

Cikin dare yaron ya fara jijjiga, idonsa ya kakkafe. Muna gudu a titi babu abin hawa, babansa ba ya gari, maƙwabcinmu ne ya tashi ya kai mu a kan babur, Allah ya saka masa da alheri. Ina rungume da shi ina kiran sunansa ba ya amsawa, kansa ya sandare ta baya. A asibiti malamar jinya ta kwantar da shi rigingine ta ɗaga kansa don haɓarsa ta taɓa ƙirji, sai ya yi ƙara, gwiwoyinsa suka naɗe da kansu. Ta dube ni ta ce tun yaushe? Da na faɗa mata sai ta yi shiru ta ruga kiran likita.

Tabon da kika gani shi ya fi tayar min da hankali. Ki ɗauki kofin gilashi mai haske ki danna gefensa a kan tabon, ki duba ta cikinsa. Ƙurajen zafi da yawancin ƙuraje suna dushewa in an danna. In tabon ya tsaya yadda yake, jini ne ke tsattsafowa ƙarƙashin fata, alamar ƙwayar cutar ta shiga jini, kuma daga nan abin sa'o'i ne. A fatarmu baƙa yana da wuyar gani, don haka ki duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da ganɗa. Amma kada ki tsaya neman kofi in babu, kuma ko tabon ya dushe ki tafi, domin wuyan kaɗai ya isa dalili. Nawa ma bai yi tabo ko ɗaya ba, yara da yawa ba sa yi.

Maganar ƙyanda kuma, ki ba Hajiya haƙuri cikin ladabi. Ƙyanda da mura take zuwa da tari da jan ido, ƙurajenta daga bayan kunne da fuska suke farawa su gangaro ƙasa. Ba daga cinya take farawa ba, kuma ba ta saba ƙage wuya ba. In ta ƙi yarda ki kira maigida ko wani babba ya yi mata magana kina kan hanya. Fushin suruka yana wucewa.

Likitan da ya duba mu ya ce min ciwon yana kumbura rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, kuma wanda ƙwayar bakteriya ke kawowa yana iya kashe yaro cikin awa 24. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum shida da suka kamu da irin wannan, kusan ɗaya ke rasuwa, cikin biyar kuma ɗaya ke tashi da naƙasa. Maganinsa allura ce ta jijiya, seftiriyazon suka yi wa nawa, kuma ba su jira sakamakon gwaji ba suka fara. Maganin maleriya ba ya taɓa shi ko kaɗan, parasitamol kuwa sai dai ya sauke zafin ki ɗauka an samu sauƙi, ciwon na can yana cin gabansa. Ko gwajin maleriya ya nuna akwai, hakan bai kore sanƙarau ba, yaro yana iya ɗauke da duka biyun.

Za su ce za su ɗebi ruwa a gadon bayansa. Ki yarda. Ƙanwar mijina ta hana ni sa hannu, wai allurar baya ce ke gurgunta yara, muka yi ta ja-in-ja a bakin ɗaki har malamar jinya ta fitar da ita waje. Ruwan da suka ɗebo daga nawa ya fito gurɓatacce kamar ruwan wankin shinkafa, alhali na mai lafiya garau yake. Da shi ake gane wace ƙwaya ce. Ciwon ne ke gurguntawa, ba allurar ba.

Yarona ya rayu, alhamdulillahi, amma kunnensa na hagu ya tafi, na dama kuma sai an ɗaga murya. Likita bai ɓoye min ba, ya ce da an fara allurar tun ranar farko da wataƙila ba haka ba. A makaranta wani malami ya riƙa dukansa wai yana da taurin kai ba ya amsa kira, sai da na je da takardar asibiti. Wannan ma wani baƙin cikin ne daban. Shi ya sa in an sallame ku ki nemi a yi masa gwajin ji cikin makonnin farko, kada ki bari sai kin lura da kanki.

Masu jarirai da ke karantawa, ku ba lallai ku ga ƙagewar wuya ba. Ku duba maɗiga ko ta kumbura, ga ƙin kama nono, ga kuka mai kaifi da ke ƙaruwa in an ɗauke shi, ko barcin da ba a iya tashinsa. Kuma kada wadda ta ce ai an yi wa nata rigakafi ta saki jiki. Rigakafin da aka fara a Nijar a 2010, a Najeriya a 2011, na nau'in A ne, amma annobar 2017 da ta yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina nau'in C ce. Sai a 2024 Najeriya ta fara mai kare nau'i biyar.

In ya fara jijjiga a hanya ki kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali ko rubutu a baki, zai shaƙe. Ki tafi da ledar magungunan kemis ɗin su gani, ki kuma tambaye su ko sauran yaran da ke kwana ɗaki ɗaya da shi suna buƙatar maganin kariya. Allah ya ba shi lafiya. In an ba ku gado ki sanar da mu.