Muryar da aka tura a zauren malaman tarihi da labarin ƙasa na Damagaram: yadda za a raba maki a tambayar aman wuta

Tambaya: Salamu alaikum manyanmu. Na ba ƴan ajina tambaya kan maki 10: su kwatanta ɓarnar aman wutar dutse a ƙasa mai arziki da ƙasa mai ƙaramin ƙarfi. Mun yi St Helens da Nevado del Ruiz a aji. Ga takardu jibge a gabana, kowa da abin da ya rubuta, na rasa ta inda zan kama. Yaya zan tsara barem ɗin?

Amsa, kamar yadda aka rubuto ta daga muryar:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da aiki, ya zafin garin? To, ajiye jan bik ɗin tukuna, ki ɗauko farar takarda mu raba goman nan.

Ni a ganina a yi ta haka: maki 2 na gabatar da misalan biyu, maki 3 na kwatanta ɓarnar, maki 4 na bayyana dalilin bambancin, maki 1 na hukuncin ƙarshe. Kin ga dalili ya fi kowa kaso. Da gangan ne, don a nan ake rabe wanda ya gane da wanda ya haddace.

Biyun farko ba su da wuya. Kowane dutse maki 1: suna da ƙasa rabi, shekara rabi. St Helens, Amurka, jihar Washington, 18 ga Mayu 1980. Nevado del Ruiz, Kolombiya, 13 ga Nuwamba 1985. In ya kawo shekara daidai ba rana, ba shi abinsa. In ya rubuta "wani dutse a Amurka", babu komi. Kar ki ɓata lokaci a nan.

Sai ukun kwatanci. Abu uku ake nema: rayuka, dukiya, da abin da ya biyo baya cikin shekaru. Kowane ɗaya maki 1, amma ki raba shi biyu. Rabi na kawo gaskiyar abin da ya faru a ɓangarorin biyu, rabi na haɗa su cikin magana guda. Yawancin yaranmu shafi ɗaya suke cikawa da Amurka, su juya su cika wani da Kolombiya, su bar miki aikin kwatantawa. Wannan ko ya kawo komi daidai, 1 da rabi zai samu cikin 3. Ki nemi kalmomin haɗi: alhali, amma, ya ninka, saɓanin haka. In babu su, babu kwatanci.

Ga abin da ya kamata ki gani. A St Helens mutum 57 suka mutu. A Ruiz wajen 23,000, mafi yawansu a garin Armero, inda kimanin 20,000 suka halaka cikin mazauna wajen 29,000. Ɗalibin da ya ce na Kolombiya ya ninka na Amurka kusan sau 400, wannan ya cika makinsa. Game da alƙaluma, ki yi sassauci: wanda ya rubuta 22,000 ko 25,000 ko "sama da dubu ashirin", karɓi, don littattafan ma ba bakinsu ɗaya ba. Wanda ya rubuta 2,300 ko 230,000, a'a, ya sauya girman abin ɗungum.

Ta wajen dukiya nan ne tarkon yake. St Helens ya ci sama da dala biliyan ɗaya: gidaje wajen 200, gadoji, hanyoyi, da daji mai faɗin kusan murabba'in kilomita 600 da ya kwanta ƙasa. Yaro zai ga biliyan ya ce ai Amurka ce ta fi shan wahala. Amma in aka auna wannan kuɗi da abin da tattalin arzikin Amurka ya samar a shekarar, bai kai kashi ɗaya cikin dubu biyu ba. Armero kuwa gari ne na noman shinkafa da auduga, ya tafi gaba ɗaya da gonakinsa da mutanen da ke noma su. Saboda haka rabin makin na biyu sai ga wanda ya rarrabe yawan kuɗin da nauyinsa a kan ƙasar. Na ukun, abin da ya biyo baya: majalisar Amurka ta ware kuɗin gyara a shekarar nan, aka sake gina hanyoyi, daga baya wurin ma ya zama na masu yawon buɗe ido. Armero ba a sake gina shi a inda yake ba, waɗanda suka tsira an watsa su garuruwan maƙwabta.

To, mu zo kan huɗun nan, don su ne zuciyar aikin. Ki raba su biyu da biyu.

Maki 2 na dalilan da ke da nasaba da arziki. Ɗaya na sa ido da gargaɗi, ɗaya na ceto da gyara. A St Helens girgizar ƙasa ta fara tun Maris, wata biyu kafin fashewar. Masana na USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, suna auna gefen arewa na dutsen yana kumbura sama da mita guda kullum, hukuma ta rufe hanyoyi ta hana shiga wasu yankuna. Shi ya rage mutanen da ke kusa. A Ruiz fa, a kula, ba wai ba a sani ba ne. Dutsen ya yi kusan shekara yana motsi, kuma a watan Oktoba an fitar da taswirar haɗari da ta nuna Armero na kan hanyar laka. Abin da ya gaza shi ne kayan aunawa ba su wadata ba, hukuma ta ji tsoron kuɗi da rigimar kwashe gari guda kan abin da ba a san ranarsa ba, sannan a daren saƙo bai isa ga mutane yadda ya kamata ba, ga hadari, ga wuta ta ɗauke. Dutsen ya fashe jim kaɗan bayan ƙarfe 9 na dare, lakar ba ta iso Armero ba sai wajen 11 da rabi. Awa biyu da rabi ke nan, ya ishi mutum ya taka da ƙafa ya hau tudu. Ɗalibin da ya rubuta "Kolombiya ba ta da masana" ya yi kure, kar ki ba shi. Wanda ya ce an sani amma ba a kwashe mutane ba, shi ne mai makin.

Sauran 2 na dalilan da babu ruwansu da arziki. Wannan ɓangaren ne malamai da yawa ke mantawa su sa a barem, kuma in babu shi kina koya wa yara cewa talauci kaɗai ke kisa. Na farko, irin haɗarin. A VEI, ma'aunin ƙarfin fashewar aman wuta, St Helens yana mataki na 5, Ruiz na 3, wato wanda ya fi ƙanƙanta shi ya fi kisa. Me ya sa? Ruiz ya haura mita 5,000, kansa lulluɓe da ƙanƙara. Zafin aman ya narkar da wani sashe nata, ruwan ya kwaso toka da duwatsu da itatuwa ya zama laka mai kauri, abin da ake kira lahar, ta bi kwarin kogin Lagunilla ta sauka kan garin da ke bakin kwarin. Na biyu, wuri da lokaci. St Helens yana cikin daji, mutane kaɗan ne a kewayensa, kuma ya fashe ran Lahadi ƙarfe 8 da minti 32 na safe, masu saran katako ba su fito aiki ba. Da Litinin ce, da lissafin ya sauya. Armero kuwa an same shi cikin dare, mutane na ɗaki. Kowane ɗaya cikin biyun maki 1.

Makin ƙarshe na wanda ya auna ya ce arziki na rage mutuwa, amma ba shi kaɗai ba, ya kuma kafa hujja. In ya kawo Pinatubo na Filifin a 1991, wanda ya fi duka biyun girma amma aka kwashe dubban mutane kafin ya fashe, madalla. In ya kawo Ontake na Japan a 2014, inda masu hawan dutse wajen 60 suka mutu a ƙasa mai kuɗi da kayan aunawa, shi ma madalla. Amma tunda ba ku yi su a aji ba, kar ki wajabta. Hujja daga cikin misalan biyu ta isa. Haka wanda ya lura cewa Kolombiya ba ta cikin ƙasashe mafi talauci, matsakaiciya ce, wannan yaro ne mai ido, a saka masa a nan.

Bari mu gwada da takarda guda. A ce yaro ya rubuta sunaye da shekaru daidai, 2 ke nan. Sannan ya ce: "A Amurka mutum 57 suka mutu, daji ya lalace, an yi asarar dala biliyan ɗaya. A Kolombiya mutum 23,000 suka mutu, garin Armero ya nutse cikin laka." Ya taɓo rayuka ɓangare biyu, rabi. Ya taɓo dukiya ɓangare biyu, rabi. Bai haɗa ba, bai yi maganar bayan shekaru ba, saboda haka 1 cikin 3. Sai ya rufe da cewa: "Dalili shi ne ƙasashe matalauta ba su da asibitoci da hanyoyi masu kyau." Kin ji ta da daɗin ji, ko? Ki yi mata wannan gwaji: in kika cire jimlar kika liƙa ta a bayanin ambaliyar damina a Birni ko Garin Malam, ta zauna daram? Ta zauna. To ba ta Ruiz ba ce, ta kowa ce. Rabin maki, don akwai ƙamshin gaskiya ta wajen ceto. Jimilla 3 da rabi cikin 10, ko da rubutunsa ya cika shafi biyu. Da ya ƙara da cewa laka ta yanke hanyoyi da gadoji, masu ceto suka yi sa'o'i kafin su iso ga waɗanda suka maƙale, da rabin nan ya zama ɗaya cikakke.

Abu biyu kuma kan aikin gyaran kansa. Kar ki cire maki sau biyu kan kure guda: in ya rubuta 1995 maimakon 1985, ya rasa rabinsa a farko, shi ke nan, ko ya maimaita ta sau biyar. Sannan in wani ya kawo wasu duwatsun daban, misali Nyiragongo na Goma a 2002 da na Aislan na 2010, karɓi, tunda tambayarki ba ta ambaci suna ba; rabon makin ɗaya ne, alƙaluman kawai za ki bincika. Wanda ya kawo misali ɗaya tak, kar ya wuce 4, don babu abin da zai kwatanta da shi.

Kafin ki fara sa maki da bik, zaɓi takardu biyar, mai kyau da matsakaiciya da mai rauni, ki gyara su da fensir. In duka biyar ɗin suka taru tsakanin 4 da 5, ki duba ko kina rowar rabin makin haɗi ne, ko kina kyautarsa ga kowa. Ki turo mana hoton biyu daga ciki, a rufe sunayen yaran, mu gyara tare mu ga ko hannunmu zai zo ɗaya.