Na faɗi sau 10 a jere, ba lokacin cina ne ya zo ba?

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Ina buga wasan ja da baƙi ne a waya, shekaranjiya na sa ja sau 10 a jere baƙi yana fitowa, kuɗina sun tafi. Wani abokina ya ce a lissafi akwai ƙa'idar da ta ce dole abin ya daidaita, wai in ninka kuɗi in ci gaba don ja ya kusa. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa don Allah kar ka ninka. Ƙa'idar tana nan da gaske, ana ce mata ƙa'idar manyan lambobi, Jacob Bernoulli ne ya kafa hujjarta aka buga a 1713, amma abokinka ya ɗora mata abin da ba ta faɗa ba.

Ɗauki kwandala ka riƙa wurgawa sama. A ce wurgi 10 na farko duk baya ta nuna. Kafin ka fara, yiwuwar hakan 1 ce cikin 1,024, shi ya sa abin ke ba mutum mamaki, amma yanzu ai ya riga ya faru, wurgi na 11 kuma rabi da rabi ne kamar na farko, don ƙarfen da ke hannunka bai san me ya nuna ɗazu ba kuma ba ka binsa bashin komai.

To ina daidaiton yake shigowa? Ci gaba da wurgawa sau 1,000. Abin da ake sa rai shi ne kusan 500 gaba 500 baya, ka haɗa da goman can ya zama baya 510 cikin 1,010, wato kashi 50.5 cikin ɗari. Ka yi 10,000, ya koma kashi 50.05. Lura fa, goman nan suna nan ba wanda ya biya su, narkewa kawai suka yi cikin yawa, kamar cokalin gishiri ne, a kofi ba ya shawuwa amma a randa ba za ka ji shi ba, alhali gishirin bai je ko ina ba. Wani masanin lissafi John Kerrich ya gwada da hannunsa lokacin da yake tsare a Denmark a yaƙin duniya na biyu, ya wurga sau 10,000 ya samu gaba 5,067. Kaso ya matso rabi sosai, amma rarar 67 tana nan zaune.

Irin tunanin abokinka ya cinye mutane a gidan cacar Monte Carlo ranar 18 ga Agusta 1913, inda baƙi ya fito sau 26 a jere a teburin rulet, wato faifai mai juyawa da ake jefa wa ƙaramar ƙwallo ta faɗa gurbin ja ko baƙi, jama'a na ta zuba kuɗi a kan ja wai lokacinsa ya yi.

Abin da ya fi damuna ma shi ne ƙa'idar nan mai gidan caca take yi wa aiki. Rulet irin na Turai gurbi 37 ne, 18 ja, 18 baƙi, sai kore guda ɗaya mai sifili wanda in ya fito mai ja da mai baƙi duk sun faɗi. Damarka 18 cikin 37 ce kenan, ƙasa da rabi kaɗan, a kowace naira 1,000 da ka sa matsakaicin asararka kusan naira 27 ne. A bugu 5 ba za ka lura ba, wata ran ma ka ci, amma bugu 1,000 asarar da ake sa rai ta kai wajen naira 27,000, kuma duk yadda ka ƙara bugawa haka sakamakonka ke ƙara matsowa wannan kason.

Batun ninkawa kuwa lissafa da kanka. Ka fara da 500, sai 1,000, sai 2,000, a haka har faɗuwa 10, ka zubar da naira 511,500, bugu na gaba sai ka ajiye 512,000, in ka ci ribar gaba ɗaya 500 ce. In ka faɗi kuma fa? Ga shi yawancin gidajen suna da iyakar abin da za ka iya sawa a bugu ɗaya.

Akwai inda abin da ya wuce yake canza na gaba, kamar kati 52 in ana zara ba a mayarwa, in baƙaƙe 10 suka fita saura ja 26 baƙi 16, nan kam ja ya fi dama da gaske. Tambayar da za ka riƙa yi kenan, an cire wani abu daga tulin ko kuwa kowane zagaye sabo ne? Irin wasan da ka bayyana kowane zagaye sabo ne. In ma faɗuwar ta yi tsawon da ya wuce hankali, abin da take nunawa shi ne wataƙila damarka ba ta ma kai yadda aka gaya maka ba, don ba ka ga cikin manhajar ba. Ni dai shawarata ka tsaya a asarar shekaranjiya, ka goge manhajar daga wayarka yau.