Akwati shida suke so, kuɗina ba su kai ba

Tambaya: Malam, ni ɗan tireda ne a Kaura Namoda. Na tara naira 900,000 don aure. Iyayen yarinyar mata sun ce lefe akwati shida, mahaifinta kuma na ji yana neman jinginar da gonarsa saboda kayan ɗaki. Yaya zan yi kada mu shiga bashi?

Amsa: Ɗan'uwa, lefe da kayan ɗaki tsere suke yi da juna. Duk akwatin da ka ƙara, uwar amarya za ta ga dole ta ƙara kujera ko jeren kwanuka don kada danginka su ce an kawo 'ya hannu rabbana. Shi ya sa ake sasanta su a zama ɗaya, kuma ba kai za ka yi maganar ba.

Sadaki na maza ne, wakilinka da waliyyinta, kuma da wuya shi ke karya mutum. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari, wato zinariya giram ɗaya da ɗan ɗoriya. Ka tambayi masu sayar da zinariya farashin ranar. Haƙƙin amarya ne, kada a taɓa shi. In an yanka abin da ya fi ƙarfinka, ana iya biyan wani sashe lakadan, saura ajalan, amma a faɗi lokacin biya ƙarara a gaban shaidu, domin ajalin da ba a fayyace ba yana jawo matsala ga ɗaurin auren kansa.

Lefe kuwa hannun mata yake. Ka sami gwaggonka wadda ake jin maganarta, ta je wurin gwaggon yarinya, ba ranar taro ba. Abin da za ta ce shi ne: "Yaronmu akwati uku zai iya, masu kyau. Mu kuma gado da katifa da kayan girki sun ishe mu, kujeru shi zai saya daga baya, gara ma mun yafe." Ka ga an ba su abin da za su faɗa wa dangi ba tare da jin kunya ba, gonar tsoho kuma ta tsira. In ragin lefe kaɗai aka nema, rowa za a kira shi.

Da ni ne, zan fara ware 200,000 na abinci da hidimar watannin farko, in manta da su. Sadaki 150,000, gaisuwar iyaye da goro 70,000, lefe 350,000, sauran 130,000 walima da motar kai amarya. Atamfa turmi takwas da za ta ɗaura sun fi ashirin da rabinsu aro ne don idon 'yan kallo.

Ka nemi a sa rana bayan kaka, lokacin da surukinka ya kai gero da wake gida. In bayan zuwan gwaggo aka ce shida ko a fasa, kada ka taɓa jarin shagonka. Ka roƙi a ɗaga ranar da wata uku ko huɗu.