Alamar STOP, alwatika mai kai ƙasa, da wanda ke da hanya a shataletale

Tambaya: Malam, ina shirin jarrabawar lasin tuƙi. Na haddace alamomin, amma kullum sai na rikita STOP da alwatikar nan mai kai ƙasa. Tambayar shataletale kuwa sau biyu ina faɗuwa a gwaji. Ba duk jira suke nufi ba?

Amsa: 'Yar'uwa, abin da ya raba su shi ne yawan abin da idonki zai iya hangowa. Alwatika mai kai ƙasa, mai jan baki, ana kafa ta ne a mahaɗar da direba ke hango babbar hanya tun daga nesa. Ki rage gudu, ki duba, in babu mai zuwa ki wuce ba sai kin tsaya ba. Ita STOP ana sa ta inda gini ko kwana ko tudu ya tare gani, ko inda haɗari ya yi yawa. A nan dole tayoyi su daina juyawa cak a bayan farin layi, ko da tsakar dare ne ba kowa. Duk amsar da ta ce "rage gudu ka wuce in hanya ta yi fili" a gaban STOP tarko ce.

Siffarsu ma da dalili. STOP ce kaɗai mai kusurwa takwas, alamar ba da hanya ce kaɗai alwatikar da ta kifa kai. Ko ƙura ta rufe rubutun, ko ta baya kika hango allon, za ki gane shi. Wannan na ƙarshe ba a cika lura da shi ba: direban da ke kan babbar hanya yana ganin bayan allon, sai ya san ɗaya direban ne zai jira shi.

Shataletale kuma, mai shiga ne ke ba wanda ke ciki hanya. Ki ɗauka akasin haka ake yi. Motocin ciki su tsaya wa masu shiga, wasu su ƙara shigowa, da'irar ta cika, ba mai iya fita. Wannan cunkoson ne ya sa Birtaniya ta mai da fifikon na ciki doka a 1966.

Ga irin tambayar da ke kayar da mutane. A ƙasar da ake tuƙi ta hannun dama, kin iso bakin shataletale. Wata mota tana zagayowa daga hagunki, wata kuma tana tsaye a mashigar da ke damanki. Wa za ki jira? Ta hagu, don ita ke ciki, kuma ita za ta gitta gabanki. Da yawa sukan zaɓi ta dama saboda sun haddace "a ba na dama hanya", alhali waccan ƙa'ida ta mahaɗar da ba ta da allo ko fitila ce. Da kin shiga, ta damar ce za ta jira ki. Inda ake tuƙi ta hagu sai ki juya lissafin: mai zagayowa daga damanki zai ɓullo.