Layin intanet na biyu a ofishinmu: OSPF ko BGP?

"Ofishinmu a Kano yana da rawuta biyar, kuma za mu ɗauki layin intanet na biyu daga wani kamfani. OSPF za mu yi amfani da shi ko BGP?"

Malam, a cikin ofishinku OSPF ya dace, domin kowace rawuta tana riƙe da taswirar hanyoyin cikin gida gaba ɗaya, tana lissafa mafi arha bisa saurin layi, kuma idan layi ya yanke takan sauya hanya cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Rawuta biyar duk su zauna a `area 0`.

Shi kuwa BGP tsakanin cibiyoyi masu cin gashin kansu yake aiki, kuma ba ya auna saurin layi, sai dai manufar da kuka gindaya da tsawon `AS_PATH`, wato jerin cibiyoyin da hanya ta ratsa. Za ku buƙace shi idan kuna son adireshinku na waje ya ci gaba da aiki ko da kamfani ɗaya ya faɗi, wanda ke nufin samun lambar AS, wato lambar shaidar cibiyarku, da rukunin adireshi aƙalla `/24` daga AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin intanet a Afirka. Idan fita intanet kawai kuke yi, hanyar `0.0.0.0/0`, wato wadda ake bi zuwa duk adireshin da ba shi da wata hanya, zuwa kowane kamfani ta wadatar.

Ina roƙonku kada ku zuba hanyoyin BGP na intanet gaba ɗaya cikin OSPF, domin sun haura 900,000 kuma za su durƙusar da rawutocinku.